Biyarin da zane da sikeli: me ya sa ɗiyata ta samu 68, ƙawarta ta samu 50?

"Assalamu alaikum Malam. Ɗiyata tana aji uku na ƙaramar sakandare, an ba su takardar aikin lissafi a kan biyarin da zane da sikeli. Tambaya ta farko ta ce mota ta tashi daga P ta yi kilomita 40 a kan 065° zuwa Q, daga nan ta yi kilomita 30 a kan 155° zuwa R. A zana da sikelin santimita 1 a madadin kilomita 5, a nemo nisan P zuwa R, da biyarin R daga P, da na P daga R. Ita ta samu kilomita 68, ƙawarta ta samu 50. A ta biyu kuma, taswira ce mai 1:50,000, an auna santimita 7.4, ta rubuta kilomita 370,000. Na san wannan ba zai yiwu ba, amma na kasa nuna mata inda ta kuskure." Wata uwa daga Funtuwa.

Wa alaikumus salam Hajiya. Ƙawarta ce ta dace, amsar kilomita 50 ce. Sai dai 68 ɗin da ɗiyarki ta samu ba daga sama ta faɗo ba. Lamba ce da na sha gani a takardun ɗalibai a irin wannan tambaya, kuma tana nuna cewa yarinyar ta iya riƙe rula da furotirakta, ta kuma canza kilomita zuwa santimita daidai. Layi ɗaya ne kawai ba ta ja ba, shi ne layin arewa na biyu. Ban ga zanenta ba, amma in kin buɗe littafin, ina kyautata zaton za ki tarar da kibiyar arewa a kan P, babu ita a kan Q.

Abin da lambar nan mai uku take nufi

Biyarin hanya ce ta faɗin shiyya da lamba maimakon a ce "gabas ta ɗan karkata arewa". Mutum zai tsaya a inda yake, ya fuskanci arewa sak, sannan ya fara juyawa ta hannun damansa har sai ya fuskanci abin da yake nema. Yawan digirin da ya juya shi ne biyarin wannan abu. Kwata ɗin juyi ya kai shi gabas, wato 090°. Rabin juyi kudu, 180°. Kwata uku yamma, 270°. In ya cika juyi ya dawo arewa, 360°, wanda ake rubutawa 000°. Littattafai suna cewa a bi yadda hannun agogo yake tafiya, kuma gaskiya ne, amma yaran yanzu da yawa a waya suke duba lokaci, ba su saba da agogo mai hannu ba. Shi ya sa a aji nakan sa su miƙe tsaye su juya da jikinsu: arewa, gabas, kudu, yamma, kullum ta dama.

Ana rubuta shi da lamba uku ko da bai kai ɗari ba, shi ya sa kika ga 065° ba 65° ba. Sifilin gaban yana sanar da mai karatu cewa wannan shiyya ce da aka auno daga arewa, ba kusurwar da ke tsakanin wasu layuka biyu ba. Mai duba takardar jarrabawa yana lura da shi, don haka ta saba rubuta shi tun yanzu.

Akwai misalin da ke gidan kowa. Muna cewa mun fuskanci gabas in za mu yi salla, amma daga Kano da garuruwan da ke kewaye da ita alƙibla tana wajen 068° ne, wato ta karkata arewa daga gabas sak da kimanin digiri 22. To layin farko na motar nan, 065°, kusan shiyyar alƙibla ya nufa. In ta riƙe wannan, tun kafin ta ɗauki furotirakta ta san layin zai tafi dama yana ɗan hawa sama, ba zai miƙe tsaye ba.

Wannan kintace na farko shi nake so ta mayar al'ada. Kafin a auna komai, a tambayi kai: lambar nan tsakanin waɗanne shiyyoyi biyu take? 065° tana tsakanin 000° da 090°, wato arewa maso gabas, sama ta dama a takarda. 155° kuwa ta wuce 090° ba ta kai 180° ba, wato kudu maso gabas, kuma ta fi kusa da kudu, saura digiri 25 kacal ta kai. Ke nan layin Q zuwa R dole ya gangaro ƙasa, yana ɗan jingina dama. Duk zanen da layin nan ya kwanta ko ya hau sama, kuskure ne, ko ba a auna ba.

Inda 68 ta fito

Abin da yakan faru shi ne, yaro ya ja layin P zuwa Q lafiya lau. Da ya iso Q, sai ya duba ya ga babu wani layi a wurin sai wanda ya gama ja, sai ya ɗora sifilin furotirakta a kansa ya auna 155°. Ya auna daidai, amma daga inda bai kamata ba. Ya mayar da 155° kusurwar da ke tsakanin tafiyar farko da ta biyu, kusurwa mai faɗi da ta kusa zama miƙaƙƙen layi. Motar ta zama kamar ɗan karkacewa kawai ta yi ta ci gaba, sai nisan ya kusa kai jimlar 40 da 30. In aka auna layin P zuwa R a irin wannan zane ana samun santimita 13.7, a ninka da 5, a samu kilomita 68 da ɗoriya. Ita ce lambar ɗiyarki.

Biyarin bai damu da inda aka fito ba. Direban da ya iso Q aka ce masa ya ɗauki 155°, ba ruwansa da hanyar da ya biyo. Arewa zai nema daga nan inda yake tsaye, ya juya daga gare ta. Saboda haka kowane wuri da tafiya ta canza shiyya, sai an ja masa nasa layin arewa. Wurare uku, layuka uku, dukkansu a tsaye suna kallon saman takarda, babu wanda ya jingina.

Akwai wata lamba da ita ma take da nata labarin, ko za ki ji ta daga wata ƙawar: kilomita 66. Wannan ta wanda ya ja arewa a Q ne, amma ya karanta layin lambobin da ba shi ba a jikin furotirakta. Abin awon nan da ke cikin kwalin kayan lissafi layin lambobi biyu gare shi, ɗaya ya fara daga hagu, ɗaya daga dama, kuma a inda ɗaya ya ce 155 ɗayan 25 yake cewa. Wanda ya bi layin da bai dace ba, 025° ya zana alhali yana tsammanin 155° ce, layinsa ya hau sama maimakon ya gangaro. Kintacen da na faɗa a sama shi yake kama wannan nan take.

Yadda za ku zana shi tare

Ku tanadi fensir mai tsini, rula, furotirakta da sikwaya mai kusurwa uku. Tsinin fensir ba ƙawa ba ne. A wannan sikeli milimita ɗaya rabin kilomita ce, fensir mai dakusasshen baki kuwa layinsa kaɗai yakan kai milimita.

Kafin a ja layi ko ɗaya, a gama da sikeli a gefen takarda. Santimita 1 tana madadin kilomita 5, don haka daga ƙasa zuwa takarda rabawa ake yi: 40 ÷ 5 = 8, wato santimita 8, sannan 30 ÷ 5 = 6, wato santimita 6. Ta rubuta su a fili tare da sikelin kansa, domin akwai makin da ake bayarwa a kan wannan kaɗai. Sai ta yi ɗan zanen hannu a gefe, ba rula ba awo, don ta ga inda tafiyar ta nufa. Za ta ga duk tafiyar dama ta yi, kusan santimita 10, don haka P ta zauna a hagun takarda, wajen tsakiyar tsawonta. Yara da yawa sukan ɗiga P a tsakiya ko a dama, su zo rabin aiki takarda ta ƙare, su goge su sake, zanen ya ƙazantu.

A kan P ta ja layi tsaye mai tsawo, ya wuce sama ya wuce ƙasa, ta sa masa kan kibiya da harafin N a sama. Tsawon yana da amfani. Guntun layi ba ya isa a daidaita furotirakta a kansa. Yanzu ga wurin da hannu yake buƙatar koyo. Yara sun saba ajiye furotirakta a kwance, miƙaƙƙen gefensa a ƙasa. A nan tayar da shi za ta yi: layin sifilinsa ya hau kan layin arewa, cikinsa mai lanƙwasa ya kalli dama, ɗigon tsakiyarsa ya zauna a kan P daidai. Ɗigon tsakiyar nake nufi, inda layukan jikinsa suka haɗu, ba bakin robar ba. Sai ta duba can sama, ta nemi layin lambobin da ya fara da 0 a wurin, ta bi shi da yatsa tana ƙirgawa: 10, 20, 30, har 60, ta ƙara ƙananan zane biyar, ta ɗiga. Ƙirgawa daga sifili da yatsa ita ce maganin rikita layukan biyu. Wanda ya tsallaka da ido yana neman inda aka rubuta 60 shi yake faɗawa.

Ta ɗauke furotirakta, ta ja siririn layi daga P ya ratsa ɗigon, ta auna santimita 8 daga P, ta sa Q. Ta lura awon rula daga zanen 0 yake farawa, ba daga bakin rula ba, ba kuma daga 1 ba.

Sai layin arewa na Q, wanda shi ne gaba ɗayan maganar. Ba a ja shi da ido. In takardar mai murabba'ai ce, layukanta na tsaye sun isa. In littafi ne mai layuka a kwance, ta ɗora gajeren gefen sikwaya a kan ɗaya daga cikin layukan, dogon gefen zai tsaya cak, ta matsar da shi har ya taɓa Q ta ja. In farar takarda ce, ta jingina gefen sikwaya da layin arewa na P, ta tokare ɗaya gefen da rula, ta danne rular da hannun hagu kada ta motsa, ta zame sikwayar a jikinta har ta kai Q. Akwai gwaji mai sauƙi: ta zarce da layin PQ kaɗan bayan Q, ta auna kusurwar da ke tsakaninsa da sabon layin arewa. In ta samu 65°, layin ya tsaya daidai. In ta samu 62° ko 68°, ya jingina, kuma duk abin da aka gina a kansa zai jingina.

Daga nan aikin maimaici ne. Furotirakta a tsaye a kan Q, sifili a sama, ta ƙirga har ta wuce 90, ta ci gaba zuwa 155, ta ɗiga, ta ja layi, ta auna santimita 6, ta sa R. Ta haɗa P da R ta auna. Za ta samu santimita 10. Daga takarda zuwa ƙasa ninkawa ake yi: 10 × 5 = 50, kilomita 50.

Ke ma kina iya tabbatar mata ba tare da zane ba. Wanda yake tsaye a Q, in ya waiwaya P, yana kallon 245° ne, zan faɗi dalili nan gaba kaɗan. R kuma tana 155°. Tsakaninsu 245 − 155 = 90. Ke nan kusurwar da ke Q ta digiri 90 ce cif, ba 155 ba, kuma alwatikan ya shiga ƙa'idar Pythagoras da suka riga suka yi: 40 × 40 = 1,600, 30 × 30 = 900, jimla 2,500, wadda ita ce 50 × 50. Masu tsara takardun aiki sukan zaɓi lambobi haka da gangan don malami ya iya duba amsa da sauri. Ba kowace tambaya ke fitowa haka ba, shi ya sa ake koyar da zanen, domin zane yana aiki ko kusurwar nawa ce.

Daga ina ake kallo

Tambayar ta nemi biyarin guda biyu, na R daga P da na P daga R, kuma yara suna ganin kamar abu ɗaya ne tunda layi ɗaya ne. Harafin da ya biyo bayan "daga" shi ne inda mutum yake tsaye, a kansa ake ɗora furotirakta. Na farko, a tsaya a P, a juya daga arewa ta dama har layin PR. Zai wuce gabas kaɗan, a samu 102°.

Na biyu ya fi wuya domin ya haura 180°, furotiraktan kwali kuma rabin da'ira ne, a 180 ya tsaya. Ta ja layin arewa na uku a kan R, ya zarce ƙasa sosai. Daga arewa ta dama zuwa kudu 180° ne, wannan ba sai an auna ba. Sai ta juya furotirakta cikinsa ya kalli hagu, ta fara ƙirga daga sifilin da ke ƙasa, tana hawa ta yamma har ta iso layin RP. Za ta samu 102. Ta haɗa: 180 + 102 = 282°. Wasu sun fi son su auna ƙaramar kusurwar da ke tsakanin arewa da layin ta hagu, su samu 78, su cire daga 360, amsar dai 282° ce. Duk biyun daidai ne, amma na fi koyar da ta farko, saboda masu bin ta biyu sukan manta cirewar su rubuta 078°, wadda shiyya ce ta gabas, alhali P a yamma take da R.

Ba dace ba ne 102 ta sake fitowa. Tunda layukan arewa duka shiyya ɗaya suke kallo, komawa ta layin da aka zo rabin juyi ne, ba ƙari ba ragi. Don haka biyarin komawa shi ne na zuwa a ƙara 180 in bai kai 180° ba, ko a cire 180 in ya wuce. Daga nan 245° ɗin ɗazu ta fito: 065 + 180. Haka ake raɗa wa titunan saukar jirage suna. Babban titin filin jirgin Malam Aminu Kano ana kiransa 06/24, wato mai tashi ta wannan baki yana fuskantar wajen 060°, mai tashi ta ɗaya bakin wajen 240°, an yanke sifilin ƙarshe ne kawai. Duk da wannan ƙa'ida, in tambaya ta ce a auna daga zane, ta auna ɗin, sannan ta yi amfani da 180 ta duba kanta.

Wasu takardun suna rubuta shiyya da haruffa, kamar S25°E. Ma'anarsa a fuskanci kudu, a karkata digiri 25 zuwa gabas, wato 155° ɗinmu ce a wata riga. Haka 282° ita ce N78°W. A wannan salo ana iya farawa daga arewa ko kudu, a juya dama ko hagu, shi ya sa nake ba ɗalibai shawara su fara mayar da shi lamba uku kafin su zana.

Tambayar taswira

A nan ma lissafinta bai ɓaci ba: 7.4 × 50,000 = 370,000. Sunan da ta ba lambar ne ba nata ba. Sikeli iri biyu ne a takardar, kuma bambancinsu ne ya yaudare ta. Na tambayar farko ya faɗi ma'aunansa, santimita a wannan gefe, kilomita a wancan, don haka da an ninka, kilomita ce ke fitowa. Na biyu, 1:50,000, bai ambaci ma'auni ba, domin gefen biyu ma'auni ɗaya suke. Da santimita aka auna, to santimita ce za ta fito. Abin da ta samu santimita 370,000 ne. A raba da 100 a samu mita 3,700, a raba da 1,000 a samu kilomita 3.7. Hankalinki ya gaya miki gaskiya, domin kilomita 370,000 ta kusa nisan da ke tsakaninmu da wata.

Lambar da ya kamata ta haddace ɗaya ce: kilomita ɗaya santimita 100,000 ce, sifili biyar. Yara sukan raba da 1,000 kawai saboda sun san mita dubu ke yin kilomita, su manta matakin santimita zuwa mita, sai su rubuta kilomita 370. Wannan ta fi haɗari, domin lamba ce da ke kama da gaskiya, uwa ba za ta yi zargin ta ba. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a sauya sikelin tun farko zuwa magana: santimita 50,000 mita 500 ce, wato rabin kilomita. Ke nan a wannan taswira kowace santimita rabin kilomita ce, kowaɗanne santimita biyu kilomita ɗaya. Rabin 7.4 kuwa 3.7 ne, an gama ba tare da tarin sifilai ba. Zai yi mata amfani nan gaba, domin 1:50,000 sikeli ne da ake yawan haɗuwa da shi a taswirorin darasin labarin ƙasa na babbar sakandare. Ta gwada juyin ma: sikelin tambayar farko, santimita 1 a madadin kilomita 5, in an rubuta shi a wancan salo 1:500,000 ne.

Ta kuma duba abin da aka ce a auna. In nisan kai tsaye ne tsakanin wurare biyu, rula ta isa. In hanya ce mai lanƙwasa ko kogi, zare ake kwantarwa a bi shi lanƙwasa bayan lanƙwasa, a yi alama a ƙarshensa, a miƙe shi a jikin rula. Zaren ɗinki ya fi, domin mai roba yana miƙewa ya ƙara tsawo.

Wani abin kuma ba laifin yaro ba ne, kuma yana damuna domin ɗalibi ne yake rasa maki a kansa. Takardun aiki da yawa hotonsu ake ɗauka a waya a buga, ko a rage girmansu a na'urar kwafi don shafi biyu su shiga takarda ɗaya. Da an rage taswira, rubutun 1:50,000 da ke jikinta ya daina zama gaskiya, domin zanen ya ƙanƙance, lambar ba ta canza ba. A tambayar ɗiyarki babu matsala tunda an ba ta 7.4 a rubuce. Amma in an ce ta auna da kanta, ta fara neman sandar sikeli, wato ɗan layin nan mai rabe-rabe da ke ƙasan taswira, ta ɗora rula a kai. In kilomita ɗaya ta ba ta santimita 2, takardar tana nan yadda take. In ta ba ta ƙasa da haka, an rage ta, sai ta bi sandar, domin ita tare da taswirar ta ƙanƙance. In babu sandar, ta rubuta awonta a fili ta nuna wa malaminsu. Kusurwoyi su ba sa canzawa da ragewa, muddin tsawo da faɗi tare aka rage su.

Iyakar abin da zane zai iya

Kada ta damu in ta samu santimita 9.9 ko 10.1. Kuskuren digiri ɗaya a kan layi mai santimita 8 yana kautar da bakinsa da kusan milimita ɗaya da rabi, wanda a wannan sikeli ya haura rabin kilomita. Ni in ina duba irin wannan aiki, ina karɓar kilomita 49 zuwa 51, da 101° zuwa 103°; kowane malami da nasa ma'auni, amma babu mai neman cif daga fensir da roba. Abin da ba na karɓa shi ne amsa cif a kan zanen da bai nuna ta ba, wato yaro ya ji 50 daga abokinsa ya rubuta, alhali layinsa santimita 13 ne. In an bar mata zaɓin sikeli, ta ɗauki mafi girma da takarda za ta ɗauka, mai sauƙin rabawa kamar 2, 5 ko 10, domin ƙaramin zane kuskurensa ya fi yawa. Arewar da ke takarda kuma sama ce kawai. Wadda allurar kamfas take nunawa a fili tana ɗan bambanta da arewa ta haƙiƙa, amma wannan ba na ajinsu ba ne tukuna.

Bayan ta gyara wannan, ki ba ta wata ta yi ita kaɗai, da sikelin nan dai: daga A kilomita 60 a kan 210° zuwa B, sannan kilomita 25 a kan 300° zuwa C. Duka biyun sun haura 180°, don haka za ta yi ta juya furotirakta hagu, A kuma a sama ta dama ya kamata ta zauna. Kafin ta auna, ki tambaye ta ina kowane layi zai nufa; ta ce na farko ƙasa ta hagu, na biyu sama ta hagu. Layukan santimita 12 da 5 ne, A zuwa C zai ba ta santimita 13, wato kilomita 65, biyarin C daga A wajen 233°, na A daga C kuma 053°.